Tikitin jirgi: me ya sa farashin jiya ba shi ne na yau ba?

Uwargida, idan kin taɓa duba kuɗin jirgi daga Kano zuwa Legas da safe, kika ce bari maigida ya dawo ku yi shawara, da daddare kuma kika tarar an ƙara dubu ashirin, to ba wayarki ce ta samu matsala ba, kuma ba wani ne ya gan ki yana ƙara miki ba. Haka sana'ar take tafiya, kuma idan kika gane tsarinta za ki daina saye da ka.

Mu fara da kwatancen da kowa ya sani. Kujerar jirgi kamar tumatir take, ba ta ajiyuwa. Da zarar an rufe ƙofa jirgi ya tashi, kujerar da ba kowa a kanta ta zama asara. Sai dai akwai inda suka raba hanya. Mai tumatir yana karya farashi da yamma don kada kaya su kwana. Kamfanin jirgi kuwa akasin haka yake yi, yana sayar da araha da wuri, ya ajiye tsada zuwa ƙarshe. Dalili shi ne ya san irin mutanen da ke sayen tikiti ana gobe tafiya: wanda aka yi wa rasuwa, mai kai mara lafiya asibiti, ma'aikacin da ofis ne zai biya masa. Waɗannan ba su da damar cewa sai wani mako, ko nawa ne za su biya.

To yaya ake yin wannan ƙarin? Ba mutum ne ke zaune yana canja lamba kowace sa'a ba. Tun kafin a buɗe sayarwa ake raba kujerun jirgin hawa-hawa, kowane hawa da kuɗinsa da adadin kujerunsa. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, jirgi ne mai kujeru 140. Sai a ce 20 na farko naira 95,000, 40 na gaba 120,000, wasu 50 kuma 150,000, ragowar 30 ɗin 190,000. Duk kujera iri ɗaya ce, ruwa da biskit ɗin ma iri ɗaya. Wadda ta biya 95,000 tana iya zama kafaɗa da kafaɗa da wadda ta biya ninki biyu. Abin da wayarki ke nuna miki shi ne hawa mafi araha da bai ƙare ba. Da mutum na 20 ya biya, sai farashi ya yi tsalle zuwa 120,000 nan take, ko da saura wata guda a yi tafiyar. Kamfanin kuma yana sa ido: in ya ga jirgin ranar yana cika da sauri fiye da yadda ya saba, sai ya rufe hawan araha tun bai ƙare ba, in ya ga kasuwa ta yi sanyi, sai ya sake buɗe shi.

Akwai kuma abin da ke sa farashi ya sauka ba zato. Wasu kamfanonin gida suna ba da damar riƙe kujera na wasu sa'o'i kafin a biya, a shafinsu za ki ga an rubuta Book on Hold. Ejan-ejan ma suna riƙe wa kwastomominsu. In mutum uku suka riƙe kujerun araha na ƙarshe, ke sai ki ga tsada. In wa'adinsu ya cika ba su biya ba, kujerun su dawo kasuwa, farashin ya koma yadda yake. Wannan ne yakan sa mutane su ɗauka cewa akwai wata sa'a ta sirri, wai a saya ranar Talata da tsakar dare, ko a goge tarihin bincike a waya. Ni dai ban ba wannan magana muhimmanci ba. Ranar da za ki tashi ta fi ranar da za ki saya tasiri nesa ba kusa ba.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu iyaye kai tsaye, domin da wuya mu yi tafiya mu kaɗai. A yawancin shafukan sayar da tikiti, idan kika nemi kujeru huɗu a lokaci ɗaya, za a ba ki su duka a farashi guda. In saura kujeru biyu a hawan araha, ba za a ba ki biyun nan a cike miki da biyu daga na sama ba. Duka huɗun za a ɗora su a hawan da ke da gurbin mutum huɗu.

Mu bi lissafin da misalinmu na sama. Ke ce da ƙanwarki da 'ya'yanki biyu da suka wuce shekara 12, wato kowa kuɗin babba zai biya. Kin nemi mutum huɗu, an nuna miki 120,000 kowanne, jimilla 480,000. Kafin ki biya, koma baya ki mai da adadin fasinja mutum ɗaya. In kika ga 95,000, to akwai sauran araha. Ƙara zuwa biyu, har yanzu 95,000. Ƙara zuwa uku, sai ya koma 120,000. Kin gano ke nan cewa kujeru biyu suka rage a ƙasa. Sai ki raba sayen gida biyu: ke da yaro ɗaya a 190,000, ƙanwarki da ɗayan a 240,000. Jimilla 430,000, kin tsira da 50,000 a jirgi ɗaya, rana ɗaya.

Amma dabarar tana da sharuɗɗa. Kowane ɓangare ya kasance da babba a ciki, domin shafukan ba sa barin a sayi tikitin ƙaramin yaro shi kaɗai. Ki tabbatar akwai isassun kujeru ga kowa kafin ki biya na farko, kuma ki sayi na biyun nan take, kada ki tashi ɗora tukunya a tsakani. Sannan za ki samu lambar rajista biyu daban, don haka in an soke jirgin ko an canja lokaci, kowace sai an bi ta da kanta, kuma sai kin roƙi a haɗa ku wurin zama a filin jirgi. In bambancin bai wuce dubu biyar ba, a ganina bai kai wahalar ba.

Ki kuma cike shekarun yara daidai. Jaririn da bai kai shekara 2 ba yana zama a cinya, kuɗinsa kaɗan ne, a tafiyar ƙasashen waje yakan kama kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba. Daga shekara 2 zuwa 11 yaro yana da kujerarsa, wasu kamfanonin su yi ragi, wasu ba sa yi. Shekarun ranar tafiya ake dubawa, ba na ranar saye ba, don haka in yarinya za ta cika biyu kafin ku dawo, ki faɗa tun farko.

Sai babbar tambaya: yaushe za a saya? Don tafiyar cikin gida a lokacin da ba biki, shawarata ki fara dubawa saura mako shida, ki biya tsakanin saura mako huɗu zuwa biyu. In ya rage kwana bakwai, galibi hawan ƙasa sun tafi. Kwana uku na farko kada ki sayi komai, ki dai duba ranar da kike so sau ɗaya a yini ki ɗauki hoton allon wayar. Da haka za ki san farashin da aka saba a wannan hanya, ki iya gane araha in ta zo. In kin ga ya hau mataki ɗaya bai sauko ba washegari, jirgin yana cika ne, jira ba zai amfane ki ba.

Ki gwada matsar da ranar. A hanyar Abuja, safiyar Litinin da yammacin Juma'a da Lahadi na ma'aikata ne da 'yan siyasa, sun fi cika. Talata, Laraba da Asabar sukan fi sauƙi. Shafin Google Flights yana da jadawalin da ake kira Date grid wanda ke jera farashin kwanaki gefe da gefe, da maɓallin Track prices da ke turo saƙo in farashi ya motsa. Ki rubuta KAN don Kano, LOS don Legas, ABV don Abuja. Sai dai ba duk kamfanonin gida ne ke fitowa a can ba, dole ki leƙa shafin kowane kamfani da kanki ki kwatanta.

Lokacin Sallah kuwa wannan lissafi na mako biyu ba ya aiki. Kowa ya san watan da za a yi ta, kujerun araha kan ƙare tun ana tsakiyar azumi. A nan ki lura da alkibla. Ana jajibirin Sallah jama'a daga Legas da Abuja suke kwararowa gida Arewa, bayan Sallah su koma. Wadda za ta bi ayarin za ta sha tsada, wadda za ta yi kishiyar hanya takan samu sauƙi. In 'yarki da ke aure a Legas ce za ta zo, ta taho saura kwana biyar ko shida, ba ana gobe ba. Ƙaramar Sallah tana da matsalar ganin wata, don haka kada a sa ranar komawa dab da idi.

Tikiti mafi araha shi ne mafi tsaurin sharaɗi, kuma a nan ake cin kuɗin mutane. In kika canja rana, za ki biya tarar canji, sannan ki cika bambancin da ke tsakanin abin da kika biya da farashin sabuwar ranar. Tikitin 95,000 da aka matsar ana saura kwana biyu zai iya komawa na 190,000 har da tara a kai. Saboda haka in ranar biki ba ta tsaya ba, ko makaranta ba ta fitar da ranar hutu a rubuce ba, kada ɗokin araha ya sa ki biya. Ki duba nauyin kayan da aka yarda da shi ma, domin mu da tsaraba ba a raba mu, kuma kuɗin kilo na ƙari a filin jirgi yana iya cinye ragin gaba ɗaya.

Akwai ƙarin da ba ruwansa da cikar jirgi. Man jirgi da kayan gyara duk dala suke bi. A watan Fabrairun 2022 kamfanonin gida sun ɗaga mafi ƙarancin tikiti zuwa naira 50,000 suna kuka da tsadar mai, kuma bayan da aka saki naira a Yunin 2023 farashi ya sake yin sama. Irin wannan yana ɗaga dukkan hawan ne a tare, jira ba ya sauko da shi. Masu niyyar Umara su fi kowa lura da haka: tikitin Kano zuwa Jidda da dala ake ƙiyasta shi sannan a mayar naira, don haka yana iya canjawa tsakanin safe da yamma ko ba a sayar da kujera ko ɗaya ba. In ejan ya faɗa miki farashi, ki tambaye shi zuwa ƙarfe nawa ya riƙe miki kujerar, kuma bayan kin biya ki karɓi lambar tikiti mai lambobi 13, ki shiga shafin kamfanin jirgin da lambar rajistar ki ga sunanki da idonki.