Ra'ayinmu: Allura ta fi hadari, amma kwayar hadiya ma na kisa

A majalisar matasa a kan ji mai shan tiramadol ko kodin yana cewa shi da sauki, tunda ba ya allura. Masu wayar da kai kuma kan amsa masa da cewa duk kanwar ja ce. Kowane bangare na da gaskiyarsa, amma ba cikakkiya ba.

Kwayar da aka hadiye sai ta bi ciki da hanji, ta ratsa hanta, kafin ta isa kwakwalwa. Wannan tafiya kan ci rabin sa'a ko fiye, kuma hanta na rage karfin magunguna da yawa a hanya. Shi ya sa likita ke lissafin cewa miligiram 30 na mofin da aka hadiye daidai yake da kusan miligiram 10 na allura. Abin da aka shaka ta hanci yana kamawa cikin 'yan mintuna. Hayaki kuwa, daga huhu zuwa kwakwalwa kimanin dakika 10 ne, allurar jijiya ma ba ta kai minti guda. Gwargwadon saurin isowar maye, gwargwadon saurin kamuwa da jarabarsa.

Nan ne mai hadiya ya yi gaskiya. Allura tana zuba komai cikin jini lokaci guda, ba damar amayarwa. Karba-karbar sirinji na yada kanjamau da ciwon hanta nau'in B da C. Masu yawan allurar fentazosin kan kare da gyambon da ba ya warkewa, kwayar da aka nika aka dura a jijiya kuma garinta na toshe kananan hanyoyin jini a huhu. Binciken kasa na 2018 ya kiyasta masu allurar kwaya a Najeriya sun kai 80,000.

Sai dai jinkirin hadiya tarko ne. Matashi ya sha tiramadol mai miligiram 225, ya jira minti ashirin bai ji komai ba, ya kara daya. Ya riga ya wuce miligiram 400, iyakar da likitoci ke bayarwa a yini guda, alhali ta farkon ba ta gama narkewa ba. Bayan sa'a daya ko biyu su hadu a jini, sai farfadiya, ko barcin da numfashi ke raguwa a cikinsa, musamman in an hada da giya ko maganin barci. Abokai su ji munshari su dauka hutawa yake.

Ra'ayinmu shi ne a daina fada wa matasa cewa hanyoyin daya ne, domin wanda ya yarda da haka ba zai ji tsoron komawa allura ba. A gaya musu allura ce mafi muni, a kuma koya wa iyalai alamomin: mutum ya ki farkawa, numfashi ya ja baya, kwayar ido ta tsuke. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti. Gwamnatocin jihohi kuma su ajiye naloksan, allurar da ke karya mayen wadannan kwayoyi, a kananan asibitocin unguwanni.