Inda Aka Ce "Haka", Nan Kyamara Za Ta Tsaya

Idan aka miƙa wa mutum rubutattun maganganun wani taro aka ce ya mayar da su bidiyon koyarwa, abin da zai fara zo masa shi ne ya ɗauki jan biro ya bi shafi-shafi yana rage tsawo. Ya yanke gaisuwa, ya yanke maimaici, ya bar abin da yake ganin shi ne tsoka. Wannan hanya ce ke haifar da irin bidiyon da muka saba gani: mutum a bayan tebur yana jawabi, an dai gajarta shi. A ganina aikin ya ɓaci tun daga nan, domin taro da bidiyon koyarwa ba tsari ɗaya suke bi ba. Taro yana bin girman masu magana. Koyarwa kuwa tana bin hannun mai aiki, daga abin da zai fara taɓawa zuwa abin da zai ajiye a ƙarshe.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce bayan kaka wata ƙungiyar manoma a Wudil ta yi zama da malamin gona kan adana wake a buhun PICS, wato buhun nan mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka yi aiki a kansa, aka kuma shiga yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. An ɗauki sautin zaman a waya, wani ɗalibi ya zauna ya rubuta shi kaf. Zaman ya ci awa biyu. In muka ƙaddara ana furta kalma 130 a minti ɗaya, rubutun zai haura kalma 15,000. Bidiyon da ake so kuwa bai kamata ya wuce minti shida ba. Binciken da Philip Guo da abokan aikinsa suka fitar a 2014 kan bidiyoyin darasi na dandalin edX ya nuna cewa masu kallo kan fara janyewa da zarar an wuce kimanin minti shida, kuma waɗancan ɗalibai ne da suka shiga da niyyar karatu, ba manomi ba ne da ke kallo a waya a ƙofar gida. A cikin minti shidan nan ma dole a bar wa hoto wuraren da zai yi magana shi kaɗai, saboda haka abin da baki zai faɗa bai fi kalma 500 ba. Kalma ɗaya ke nan cikin kowace talatin. Wanda zai zubar da ashirin da tara ya riƙe ɗaya ba taƙaitawa yake yi ba. Rubutu sabo yake yi, takardun taron kuma rumbu ne da zai riƙa ɗiba.

Kowa ya san yadda irin wannan zama yake tafiya. A buɗe da addu'a, a gabatar da manyan baƙi, wakilin dagaci ya yi jawabi, sannan malamin gona ya soma. Yana tsakiyar bayanin ɗaurin baki wani ya tayar da zancen tsadar taki, wani ya kawo farashin wake a Dawanau, a tashi sallar Azahar. Sai bayan an dawo wani dattijo zai tuna cewa bara ɓera ya huda masa buhu, kuma a lokacin ne malamin zai ce, af, ai tun farko ya kamata a duba ledar ko tana da huji. Mataki na biyu a aikin ya zo a shafi na talatin. Saboda haka kafin marubuci ya taɓa rubutun, ya fara ɗaukar farar takarda ya jera aikin yadda hannu ke yin sa: busar da wake da sheƙe shi, gwada leda, jera ledojin da zubawa, ɗauri, wurin ajiya. Waɗannan biyar su ne fitowowinsa, in mun ari kalmar marubutan wasan kwaikwayo. Daga nan sai ya koma cikin rubutun yana tsinto kowace jimla yana kai ta gidanta, ko daga wane shafi ta fito, ko wa ya faɗe ta.

A wajen tsintar nan ne ake gane gwani. Rubutun taro yana da wata makanta da mai karanta shi a ofis ba ya lura da ita: ya kama murya, ya rasa hannu. Za ka tarar da wuri kamar haka:

"To ai shi wannan, kamar yadda na faɗa ɗazu, ba haɗa su za ka yi ba, a'a. Sai ka kama na cikin, ka yi masa haka, ka yi masa haka, sannan ka karya shi. To shi ke nan, sai na biyun."

Mai jan biro zai ga shirme ya yanke. Alhali nan ne zuciyar darasin take, domin a daidai wannan lokaci malamin ya daina jawabi ya koma nunawa, kuma duk wanda ke zaune a wurin ya fahimta. Duk inda "haka" ko "wannan" ko "ka ga nan" suka yi yawa a rubutu, to hoto ne ya ɓace, kuma nan kyamara za ta tsaya. Aikin marubuci shi ne ya koma wurin mai maganar da buhu a hannu, ya ce masa, Malam, nuna mini "hakan" nan. Sannan ya raba takardarsa gida biyu, gefe guda abin da ido zai gani, ɗaya gefen abin da kunne zai ji. Fitowa ta huɗu za ta iya zama kamar haka.

Ido: hannu biyu daga kusa suna danna saman waken, suna matse ledar ciki har iskar da ta rage ta fita. Kunne: "Fitar da iskar tukuna." Ido: hannun ya murɗe bakin ledar, ya lanƙwasa shi, ya ɗaure da igiya. Kunne: shiru, sai ƙarar leda. Ido: hannun ya saki ta farko, ya kama ta biyu. Kunne: "Kowace leda da nata ɗaurin. Kada ka haɗa su." Ido: an maimaita a leda ta biyu, sannan buhun waje.

Kalmomin da aka furta ba su kai ashirin ba, fitowar kuma za ta ci kusan minti ɗaya. A lura ba a nuna fuskar kowa ba. A ƙaramin gilashin waya, mutum tsaye daga nesa da buhu a gabansa ba ya koyar da komai. Yatsun da ke murɗa leda su ne malamin. Haka kuma kada a ɗora wa rubutun kan allo wani bayani da baki bai faɗa ba, domin da yawa daga masu kallon ba boko suke karantawa ba, kuma a gidaje da dama mata ne ke sheƙe waken da ajiye shi.

Sai kuma ƙorafe-ƙorafen da suka sa taron ya yi tsawo, waɗanda nake ganin sun fi jawabin malamin daraja. Malami ya san yadda ake yi daidai. Manomin da ya yi asara shi ya san inda ake kuskure. Labarin dattijon nan na ɓera, in aka cire sunan maƙwabci da tarihin ɗakin da sauran ganye, ya bar fitowa ta biyar cikakkiya: a ɗora buhu a kan katako, a janye shi daga jikin bango, a kiyaye shi daga ɓera da duk abu mai tsini. Wanda ya ce ya buɗe nasa bayan wata biyu ya tarar da ƙwari, ya ba mu dalilin fitowa ta biyu, inda za a nuna ana cika leda da iska, a riƙe bakinta, a danna a ji ko tana sacewa. Dalilin dukan aikin kuwa jimla ɗaya ce, kuma sau ɗaya za a faɗe ta: ƙwarin wake da iska suke rayuwa, in suka shanye wadda ke cikin leda sai su daina ci da haihuwa su mutu. Wanda ya riƙe wannan ba sai an hana shi yawan buɗe buhu ba.

Akwai wurin da marubuci zai tsaya ya ajiye biro. Taro yakan bar magana a buɗe. A ce wani ya ba da shawarar a jefa maganin ƙwari a cikin buhun don ƙarin kariya, aka yi hayaniya, aka wuce ba tare da an yanke ba. A zaure wannan ba komai ba ne, gobe ma za a haɗu. Amma bidiyo ba ya karɓar tambaya, kuma da zarar ya shiga WhatsApp ya fi ƙarfin mai shi. In marubuci ya bar jimlar don ta yi daɗin ji, ya mayar da ra'ayin mutum ɗaya koyarwa. In ya share ta shiru, ya bar tambayar da rabin masu kallo ke ɗauke da ita. Abin da ya dace ya koma ga malamin gona ya karɓo amsa ƙarara, amsar kuwa ita ce buhun ba ya buƙatar magani, dalilin yin sa ke nan. Zancen ba ƙarami ba ne: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, kuma irin waken nan shi muke dafawa a gida.

Za a ce, to ina girman manya? Wakilin dagaci ya yi jawabin minti goma sha biyar, shugaban ƙungiya ya yi nasa, ga shi ko ɗaya bai fito ba. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma wanda ya raina shi zai gama bidiyo ya rasa mai nuna shi a gari. Sai dai maganinsa ba cusa jawabi a farkon darasi ba ne, inda mai kallo ke yanke shawarar tsayawa ko wucewa. A yi wa taron nasa faifan daban a miƙa wa ƙungiya, a kuma ambaci sunayen manya da godiya a ƙarshen na koyarwar. Abin da ya fi muhimmanci, a gaya musu wannan tun kafin a kunna kyamara, kada su gani a allo.

Kafin a saki bidiyon, a nemo mutum uku da ba su halarci taron ba, a nuna musu sau ɗaya, a miƙa wa kowa buhu da kwanon wake da igiya. Kada a tambaye su ko sun gane, domin kunya za ta sa kowa ya ce ya gane. A zuba wa hannuwansu ido kawai. In biyu daga ciki suka tattara bakin ledojin suka ɗaure a haɗe, fitowa ta huɗu ce ba ta yi ba, kuma galibi za a tarar an yanke hoton da wuri, kafin hannun ya saki leda ta farko ya kama ta biyu.