Mai Fitar da Riɗi da Haɗarin Canjin Dala

A ƙaddara ɗan kasuwar Dawanau ya sayar da riɗin dala 50,000, za a biya shi bayan kwana 90. Da naira ya sayi kayan, don haka faɗuwar dala na iya cinye ribarsa.

Idan ya ƙulla yarjejeniyar gaba da banki a kan naira 1,500, ya tabbatar da miliyan 75. Dala ta sauko 1,300, ya tsira da miliyan 10. Sai dai wannan alkawari ne mai ɗaurewa. Idan mai saye ya ƙi kayan, dala kuma ta hau 1,700, dole ya biya bankin gibin miliyan 10 alhali bai karɓi komai ba.

Yarjejeniyar zaɓi kuwa haƙƙi take ba shi na sayarwa a 1,500, ba tilas ba. Iyakar asararsa kuɗin da ya biya tun farko, wanda yakan yi tsada in canji na tangal-tangal.

A ganina, kada ƙaramin ɗan kasuwa ya ɗaure dalar da bai tabbatar da zuwanta ba. Abin da takardar lamunin banki ta tabbatar, ya ƙulla masa yarjejeniyar gaba. Ragowar, zaɓi ya fi dacewa da shi.