Dandalin Lissafi: Lambobin da suka ɓata, mu faro daga dama

A wannan mako za mu duba tambayar nan da malamai ke share wasu lambobi daga cikin lissafi, su ce a nemo su. Lokacin da muke sakandare, cinka muke yi, mu saka wannan mu goge, har lokacin jarrabawa ya ƙare. Daga baya muka gane akwai hanya, kuma daga hannun dama take farawa.

Me ya sa dama? Domin gidan ɗaiɗai ne kaɗai ba a shigo masa da riƙo daga wani gida. Duk sauran gidajen sai sun jira abin da maƙwabcinsu na dama zai miƙo musu. Mu gwada da tarawa:

```
   4 A 7
 + B 8 C
 -------
   9 2 3
```

Me za a tara da 7 amsar ta ƙare da 3? Sai 6, domin 7 da 6 sun ba da 13. Ke nan C ita ce 6, mun riƙe 1. A gidan gomomi, 8 da riƙon 1 sun zama 9, kuma 3 ce za ta kai su 12. A ita ce 3, mun sake riƙe 1. A gidan ɗaruruwa, 4 da 1 sun zama 5, saura 4 a kai 9. Mu tabbatar: 437 da 486 sun ba da 923.

Yanzu ga ninkawa mai tsawo, inda tarkon yake. Kowane tauraro lamba ɗaya ce da aka share.

```
      A 8
  ×   3 B
  -------
    * * 2
  * 4 *
  -------
  * * 3 2
```

Layin farko shi ne A8 sau B, kuma ya ƙare da 2. Wace lamba ce in an ninka ta da 8 za ta ƙare da 2? Mai gaggawa zai ce 4, domin 8 sau 4 ya ba da 32. Amma 8 sau 9 ma 72 ne. Ashe amsa biyu gare mu. Kada mu zaɓa tukuna. Mu rubuta 4 da 9 a gefen takarda, mu wuce inda ba shakka.

Layi na biyu shi ne A8 sau 3. To, 3 sau 8 ya ba da 24, mu rubuta 4, mu riƙe 2. Sannan 3 sau A, haɗe da riƙon 2, dole ya ƙare da 4. Ma'ana 3 sau A kansa ya ƙare da 2. A jadawalin 3 kaf, daga 0 zuwa 27, 12 ce kaɗai ke ƙarewa da 2. Don haka A ita ce 4, layin kuma 144 ne.

Saura mu raba gardama tsakanin 4 da 9. Mu dubi gidan gomomi na jimillar ƙasa, inda aka bar mana 3. Babu riƙo daga gidan ɗaiɗai, domin 2 ce kawai ta sauko. Me za a tara da 4 ɗin da muka samo ya ƙare da 3? Sai 9. Ke nan layin farko ya ƙare da 92. To, 48 sau 4 ya ba da 192, ya dace. Shi kuwa 48 sau 9 ya ba da 432, bai dace ba. B ita ce 4, kuma 48 sau 34 ya ba da 1632.

Kun lura 3 ta ba mu amsa ɗaya, 8 ta ba mu biyu? Ba dace ba ne. Idan kuna ninkawa da 1, 3, 7 ko 9, kowace lambar ƙarshe sau ɗaya take fitowa, don haka amsar tabbas ce. Idan da 2, 4, 6 ko 8 ne, kullum amsa biyu ce, kuma tazarar 5 ce tsakaninsu, kamar 4 da 9. Ita kuwa 5, da 0 ko 5 kawai take ƙarewa, shi ya sa ba ta faɗa mana abu mai yawa.

Akwai kuma alamar gane kuskure. In kuka ga kuna neman wata lamba sau 6 ta ƙare da 5, ku tsaya, hakan ba ya yiwuwa. Ko dai kun manta riƙo, ko kun zaɓi amsar da ba ita ba a baya. Ku koma gefen takarda ku ɗauko ɗayar.

Ga na gwaji: 3AB sau 6 ya ba da *142. Sau biyu za ku haɗu da amsa biyu a hanya. Ku rubuta dalilin da ya sa kuka jefar da kowace. Amsa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.