A Sauke Murya: Manyan Baƙaƙe Ba Sa Ƙara wa Sanarwa Nauyi

Duk wanda yake cikin zauren WhatsApp na ma'aikata a Dutse, ko na iyayen ɗalibai, ko na masallacin unguwa, ya san wannan irin saƙon. Yana farawa da SANARWA!!! SANARWA!!! sannan ya zarce layi goma ba tare da ƙaramin harafi ko ɗaya ba. Mai rubutun ba lalle ne yana fushi ba. Sau da yawa magatakarda ne mai ladabi da yake tsoron kada a tsallake saƙonsa. Amma mai karatu ba fuskarsa yake gani ba, baƙaƙen yake gani, kuma kunnensa na ciki yana jin su a matsayin tsawa. Ra'ayina shi ne a cire su, ba don ladabi kaɗai ba, sai don suna ɓoye ainihin abin da aka rubuta saƙon dominsa.

Al'adar tana da asali. Na'urorin aika saƙon waya na da ba su da ƙananan baƙaƙe, shi ya sa saƙonnin sojoji da na 'yan sanda suka saba fita da manya zalla, har idon jama'a ya riƙa ɗaukar wannan kama a matsayin muryar hukuma. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka ta ci gaba da rubuta rahotanninta haka har zuwa watan Mayu na 2016, lokacin da ta koma gauraya manya da ƙanana, ta keɓe manya zalla ga gargaɗin haɗari mai tsanani. A duniyar intanet kuwa, tun 1995 takardar ladubban sadarwa da ake kira RFC 1855 ta ja kunne cewa rubutu da manya zalla yana kama da ihu. Mu da muka gaji Ajami, wanda babu babba da ƙarami a cikinsa, mun san cewa an yi ƙarnoni ana aika umarnin sarakuna ana kuma bi, ba tare da wannan dabarar ba.

Hausar boko tana da hasara ta musamman a nan, kuma Jigawa ce wurin ganinta. Babban harafi shi ne yake raba Dutse da dutse, Taura da itacen taura, Babura da babura. A ce an rubuta A KAWO RAJISTAR BABURA GOBE. Rajistar ƙaramar hukumar Babura ake nufi, ko ta baburan da ofis ya raba wa ma'aikata? Da an rubuta da ƙananan baƙaƙe, harafi guda ya warware tambayar. Idan kowane harafi ya zama babba, wannan alamar ta ɓace. Ga kuma wahalar ido: ƙananan baƙaƙe suna da masu tsawo da masu saukowa ƙasa, kamar h da g, waɗanda suke taimakon ido ya gane kalma da sauri, su kuwa manya duk tsayinsu ɗaya, kamar jerin bulo. Miles Tinker, a littafinsa na 1963 kan sauƙin karanta ɗab'i, ya nuna cewa manya zalla suna rage saurin karatu.

Bari mu ɗauki misali, irin wanda kowane ofis zai iya fitarwa:

"SANARWA!!! ANA UMARTAR DUK MA'AIKATAN KIYAWA DA JAHUN DA SU ZO DUTSE DOMIN TANTANCEWA RANAR LITININ ƘARFE 9 NA SAFE!!! KOWA YA ZO DA TAKARDAR KAMA AIKI TA ASALI!!! DUK WANDA BAI ZO BA YA KUKA DA KANSA!!!"

A cikin wannan saƙo abu guda ne zai iya jawo wa mutum asarar kuɗin mota da yini guda: kalmar "asali". Malamar da ta taso daga Jahun da kwafi a jaka za ta koma gida hannu rabbana. Amma kalmar tana nan kwance cikin layi, tsayinta daidai da na "da" da "su", ba abin da ya bambanta ta. Alamar motsin rai goma sha biyu aka kashe, ba ɗaya da ta nuna inda haɗarin yake.

Gyaran yana farawa da tambayar da ya kamata a yi kafin a taɓa madannai: wane abu ne idan mai karatu ya kuskure shi, saƙon ya tashi a banza? Sai a mayar da komai ƙananan baƙaƙe, a sa aya a gurbin kowace alamar motsin rai, a ba wannan abu jimlarsa shi kaɗai:

"Assalamu alaikum. Za a tantance ma'aikatan Kiyawa da Jahun a Dutse ranar Litinin da ƙarfe 9 na safe. Takardar kama aiki ta asali ce za a duba, ba kwafi ba. Wanda ba zai samu zuwa ba ya sanar da shugaban sashensa kafin ranar Juma'a."

A lura da jimla ta uku. Hausa ba ta buƙatar aron tsawa, domin tana da nata kayan ƙarfafa magana: a jawo abin da ake nufi zuwa farkon jimla, a bi shi da "ne" ko "ce", a kore kishiyarsa. Akwai kuma "fa" da "lalle" da "kada". "Litinin ɗin nan fa" ta fi LITININ!!! shiga kunne, kuma dattijon da ya girme ka da shekara ashirin zai karanta ba tare da ya ji an yi masa rashin kunya ba. Barazanar ƙarshe ma na sauya ta da umarnin da za a iya aiki da shi, don "ya kuka da kansa" ba ta gaya wa mara lafiya abin da zai yi. Idan har ana son kalma ta fito, WhatsApp yana kaurara duk abin da aka sa tsakanin taurari biyu, kamar `*asali*`. Ɗaya ta isa a saƙo guda.

Wanda ya riga ya buga doguwar takarda ba sai ya sake ta daga farko ba. A Word, a zaɓi rubutun a danna Shift+F3, ko a buɗe maɓallin Aa a zaɓi Sentence case. Sai dai na'ura ba ta san Jigawa ba: za ta mayar da DUTSE dutse, ta ƙasƙantar da gajerun sunaye irin su JAMB da NECO, don haka dole a bi da ido a ɗaga su. Masu gyara jerin sunaye a Excel su yi hattara da `=PROPER(A2)`, domin yana ɗaga duk harafin da ya biyo bayan alamar da ba harafi ba, har da hamzarmu. SA'IDU zai fito Sa'Idu, MU'AZU ya fito Mu'Azu, kuma haka za su shiga takardar albashi idan ba a duba ba.

Hujja mafi ƙarfi da nake ji daga masu kare manyan baƙaƙe ita ce ta tsofaffi masu raunin ido. Damuwar gaskiya ce, amma maganin yana wayar mai karatu: a Android, cikin Settings na WhatsApp, a shiga Chats a ɗaga Font size, sai kowane saƙo ya girma ba tare da kalmomi sun rasa kamanninsu ba. Na kuma yarda cewa kanun takarda da fom ɗin da ya nemi a cike shi da manya suna nan a matsayinsu.

Akwai ranar da ihu yake halatta. Idan damina ta yi nauyi, ruwa ya fara cin gonaki a Miga ko Ringim, wanda ya rubuta wa 'yan uwansa KU FITA YANZU! bai yi laifi ba. Amma zauren da ya saba ganin wannan kama a kan kuɗin ankon biki da sauyin lokacin taro zai ga saƙon ya ce sai an idar da sallah a duba.