Kare kundin digiri: kada babi na biyu ya cinye lokacin

A Jami'ar Jihar Kaduna da ke titin Tafawa Balewa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a Tudun Wada, kundin kammala karatu yawanci babi biyar ne. Saboda haka ɗalibi kan ɗauka cewa ranar karewa ma haka zai bi su a jere: shimfiɗa, bitar ayyukan magabata, sannan sauran. A ganina wannan kuskure ne. Idan minti goma aka ba shi, kafin ya gama jero sunayen masana bakwai sun tafi, sakamakon da ya sha wahala a kansa kuma sai a ji shi a guje.

Mu ɗauka ɗalibar aikin jarida ce ta binciki inda 'yan Kasuwar Barci suke samun labarai. Ya kamata jimlarta ta farko ta zama matsalar kanta: ana cewa wayar hannu ta ture rediyo, to haka abin yake a wurin waɗannan 'yan kasuwa? Minti biyu sun isa, har da ra'in da ta dogara da shi.

Hanyar bincike ce ta cancanci minti uku, domin nan masu jarrabawa suka fi tsayawa. A ce ta ƙiyasta 'yan kasuwar 2,000, ta yi amfani da lissafin Taro Yamane, n = N/(1+Ne²), da e = 0.05, ta samu mutum 333. Faɗin adadin bai wadatar ba. Lissafin ya ginu ne a kan cewa kowane ɗan kasuwa yana da damar shiga daidai da ta kowa. Idan waɗanda ta tarar a bakin layi kawai ta miƙa wa takardar tambayoyi, ba ta da hurumin cewa “'yan Kasuwar Barci sun ce”. Gara ta faɗi hakan da bakinta kafin malamin da aka gayyato daga waje ya tono shi. Ta kuma bayyana ko da Hausa ta yi tambayoyin, da wanda ya fassara su.

Sakamako kuwa a ɗaura kowanne da tambayarsa. Idan takardu 300 suka dawo, 180 suka zaɓi rediyo, ta ce kashi 60 cikin ɗari na waɗanda suka amsa, ba na 333 ba. Jadawali ɗaya a allo ya fi goma da ba mai iya karantawa daga bayan ɗaki.

Gudummawa ita ce ɗalibai suka fi rikitawa da shawarwari. “Gwamnati ta tallafa wa gidajen rediyo” shawara ce, kuma ana iya rubuta ta ba tare da an taka kasuwar ba. Gudummawarta ita ce abin da ba a sani ba kafin aikinta: misali, cewa da yawa daga masu sauraron rediyon ta cikin wayar tasu suke kama tasha, wanda ke nuna tambayar “rediyo ko waya” tun asali ba ta raba su yadda ake zato ba.