Waiwaye: Takardar da Aka Karɓa Cikin Kwana Shida

Ina ƙaramin malami a jami'a, ina neman takardun da zan cika sharaɗin ƙarin girma, sai ga wasiƙa ta imel tana kirana babban masani, tana roƙon in taimaka wa wata mujalla ta ƙasa da ƙasa da bincikena. Ni da ko digirin dakta ban gama ba, amma kaina ya kumbura. Na tura ranar Litinin, ranar Lahadi aka ce an karɓa, ba gyara ko na waƙafi, sai lambar asusu da kuɗin bugawa da dala. Na biya.

Da na kai wa malamina yana duba fayil ɗina, bai karanta takardar ba tukuna. Ƙasan shafin farko ya duba, inda ake rubuta ranar da takarda ta iso da ranar da aka amince da ita. Ya ɗago ya ce, "Malam, wa ya karanta maka wannan?" Na ce masana ne, ranka ya daɗe. Ya ce, "Cikin kwana shida? Ni edita kan yi sati biyu yana bina kafin ma in amsa zan duba."

A mujallar ƙwarai, edita yakan fara tacewa, sannan ya nemi masana biyu ko uku na fannin, yawanci ba tare da marubuci ya san su ba. Su bi yadda aka yi gwajin, su duba ko alƙaluman sun kai ga abin da aka ce an gano, su dawo da tambayoyi. Marubuci ya gyara, a sake dubawa. Wannan kai-komo watanni yake ci. Saurin karɓa shi kaɗai ba ya tabbatar da damfara, amma idan ya haɗu da wasiƙar fadanci, da mujallar da ke buga noma da shari'a da likitanci a fitowa guda, da ofishin da aka ce yana Amurka alhali asusun yana wata nahiya, to biri ya yi kama da mutum. Wani ma'aikacin laburare a Jami'ar Colorado da ke Denver, Jeffrey Beall, shi ya laƙaba wa irin waɗannan suna masu farautar marubuta, ya kuma riƙa tara sunayensu har zuwa Janairun 2017 da ya sauke jerin.

Daga baya na karanta abin da John Bohannon ya yi a 2013, wanda mujallar Science ta buga, sai na ga ashe ramin da na faɗa babba ne. Ya ƙirƙiro takardar ƙarya da ke cewa wani sinadari daga gansakukar da ke fitowa jikin duwatsu da itatuwa yana hana ƙwayoyin ciwon daji yaɗuwa. Ya sa mata sunayen marubuta na bogi da cibiyoyin bogi a Afirka, ya aika wa mujallu 304 da ake karantawa kyauta. Guda 157 suka karɓa, 98 suka ƙi, sauran ba su yanke hukunci ba.

Kurakuran da ya dasa su ne abin koyo, domin ba a ɓoye suke ba. Rubutun da ke ƙarƙashin zanen farko ya ce gwargwadon yawan sinadarin, gwargwadon ƙarfin aikinsa. Amma zanen kansa ya nuna an gwada awo daban-daban, daga ɗan mitsitsi har zuwa mai yawan gaske, kuma sakamakon kusan iri ɗaya ne. Maganin da cokali guda da buhu guda suke aiki daidai, akwai alamar ba shi ke aikin ba. Na biyu ya fi muni. An narkar da sinadarin a ruwa mai barasa da yawa kafin a zuba wa ƙwayoyin, amma ƙwayoyin da aka ajiye don kwatantawa ba a zuba musu wannan ruwan ba. To barasa ita ma guba ce ga ƙwayoyin halitta, ta yaya za a san wa ya kashe su? Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin gwaji zai gano wannan kafin shayinsa ya huce. Mujallar PLOS ONE ta yi watsi da takardar, amma cikin waɗanda suka karɓa har da wasu da ke ƙarƙashin manyan kamfanonin ɗab'i. Shi ma Bohannon bai tsira ba, an ce bai aika wa mujallun da ake saye ba don a kwatanta, wato ya yi irin laifin da ya dasa.

Tun daga nan, idan ɗalibi ya kawo mini madogara, nakan sa shi ya nemi mujallar a kundin DOAJ ko Scopus da hannunsa, kada ya yarda da tambarin da ta liƙa wa kanta. DOAJ ɗin ma sai bayan wannan tonon silili ta tsaurara sharuɗɗa, ta cire mujallu fiye da dubu uku a 2016. Sannan ɗalibin ya ɗauki suna biyu daga kwamitin editoci ya duba ko jami'o'insu sun san da su, don akan sa sunan mutum bai sani ba.

Sai marubucin. Mu nan da an ce farfesa ne, magana ta ƙare, ba a tambayar farfesan me. Linus Pauling ya ci kyautar Nobel sau biyu, ta ilmin sinadarai a 1954 da ta zaman lafiya a 1962, amma da ya shiga cewa shan bitamin C da yawa na maganin mura har da ciwon daji, gwaje-gwajen likitoci ba su mara masa baya ba. Abin dubawa shi ne ko mutum ya saba bugawa a kan wannan batun, da kuma wa ya biya kuɗin binciken.

Inda na fi daɗewa kafin in gane shi ne shekarar takarda, domin takarda na iya cin duk jarrabawar nan kuma ta mutu daga baya. A 1998 mujallar The Lancet, wadda ba mai kiranta ta bogi, ta buga binciken Andrew Wakefield a kan yara goma sha biyu, wanda aka yi ta kafa hujja da shi cewa allurar rigakafin ƙyanda ta MMR na da alaƙa da larurar otizim. An janye takardar a 2010, an kuma soke lasisinsa na aikin likita a Birtaniya. Shekara goma sha biyu tana zaune da hatimin tantancewa, kuma tsohon kwafin da ke yawo a wayoyi ba ya ɗauke da sanarwar janyewa. Sai an koma shafin mujallar, ko an nemi sunan takardar a Retraction Watch.

Wani tsufan kuma ba na laifin kowa ba ne. Littafin da ya ce kulorokwin ne maganin farko na zazzaɓin cizon sauro gaskiya ya faɗa a zamaninsa, sai ƙwayar cutar ta daina jin maganin, Najeriya ta koma magungunan haɗi masu atemisinin wajen 2005. Amma wanda ke nazarin tarihin Kano ba zai jefar da littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth ba don ya haura shekara ɗari da sittin, a can tsufan ne darajarsa.

Takardata kuwa, kwamitin ƙarin girma bai ƙirga ta ba. Na rubuta wa mujallar ina neman janyewa don in kai wani wuri, suka ce janyewa ma da kuɗinta. Ban biya ba, kuma mujallar ƙwarai ba ta karɓar abin da aka riga aka buga, haka aikin wata takwas ya tafi. Har yau sukan aiko mini wasiƙa, suna kirana babban masani.